Madarar Leda da Yadda Ake Gabatar da Binciken Kasuwa

A shekarar 1993 kamfanin da yau aka sani da Promasidor ya shigo Najeriya da madarar gari ta Cowbell a ƙananan ledoji. Kafin nan an fi sanin madarar gari a gwangwani, kuma kuɗin gwangwani ya fi ƙarfin mai neman na kullum. Mutanen nan ba madara suka ƙi ba, abin da ke aljihunsu da safe ne bai kai ba. Gano irin wannan shi ne aikin binciken kasuwa, sai dai bincike da yawa a ɗakin taro yake mutuwa, saboda yadda aka gabatar da shi.

Kuskuren da aka fi yi shi ne bin tsarin da aikin ya bi. Mai bincike zai fara da yadda ya tsara tambayoyi, ya bi su ɗaya bayan ɗaya a majigi, sai lokaci ya ƙure kafin ya kai ga shawara. Barbara Minto, wadda ta yi aiki da kamfanin McKinsey kuma ta rubuta The Pyramid Principle, ta koyar da akasin haka: amsa a gaba, hujjoji a bayanta. Da a ce binciken madara ake gabatarwa, shafin farko jimla ɗaya zai ɗauka: a fito da ƙaramar leda, domin masu saye kullum sun fi yawa kuma ba wanda ke kula da su.

Daga nan sai rukunin masu saye, kuma nan ne ake gane gwani. Tun 1956 Wendell Smith ya yi rubutu a Journal of Marketing kan raba kasuwa gida-gida, amma har gobe ana ganin masu raba mutane da shekaru ko jinsi kawai, don shi ya fi sauƙi. Rabon da ke da amfani shi ne wanda ya bi yadda ake saye. Akwai ma'aikacin da ke ɗaukar gwangwani in an yi albashi. Akwai mai shayi, wanda madara jarinsa ce, kofi nawa za ta fitar yake lissafawa. Akwai kuma magidancin da sai ya fita ya samo kafin a ɗora tukunya. Mai shayi da magidancin na iya zama sa'o'in juna a unguwa ɗaya, amma bukatarsu ta sha bamban. Gwajin mai sauƙi ne: idan shawara ɗaya za a bayar a kan rukuni biyu, to rukuni ɗaya ne, a haɗe su. Uku ko huɗu sun isa, kowanne da shafinsa mai nuna girmansa, abin da yake saye da inda yake sayensa.

Sakamako kuwa a ƙarƙashin kowane rukuni ake kawo shi, kuma kan shafin ya faɗi abin da aka gano. "Farashi" ba kai ba ne. "Masu saye kullum sun fi duba kuɗin leda ɗaya fiye da nauyinta" shi ne kai.

Akwai wani tarko a nan da ya kamata kowane shugaban kamfani ya sani. A ɗauka an tambayi mutum 400 da aka zaɓo ba tare da son rai ba. Kuskuren ƙiyasi a kan jimillarsu bai wuce kashi 5 cikin ɗari sama ko ƙasa ba. Amma idan masu shayi 50 ne kacal a cikinsu, kuskuren a kansu ya kai kashi 14. Wato idan 30 daga cikinsu suka ce za su sayi sabuwar leda, a majigi kashi 60 za a gani, alhali gaskiyar na iya faɗawa ko'ina tsakanin 46 da 74. Ƙila ma ba su kai rabi ba. Shi ya sa mai gaskiya ke rubuta adadin waɗanda aka tambaya a ƙasan kowane jadawali. Sannan "zan saya" a baki daban, ciro kuɗi daban.

Shawarwari su ne ƙarshe, kuma kowacce dole ta koma ga rukuninta da hujjarta. "A inganta talla" ba ta ɗora wa kowa aiki ba. Amma idan aka ce sashen sayarwa ya gwada ƙaramar leda a shagunan unguwa biyu na tsawon wata uku, a kwatanta cinikin da na unguwannin da ba a kai ba, an san mai yi, an san wa'adi, an san ma'auni. Takardar tambayoyi da dogayen jadawalai su koma rataye a baya, don mai son bin diddigi.

Duk wanda aka gayyata sauraron irin wannan gabatarwa, ya riƙe tambaya biyu ya yi su kafin ya sa hannu a kan kuɗi: mutum nawa aka tambaya a wannan rukunin, kuma wa zai aiwatar da shawarar, zuwa yaushe?