Kuɗin Hidima a Gidan Abinci: Yadda Ake Raba Shi da Maki

A manyan otel-otel da gidajen abinci na Abuja, Kano ko Kaduna, sau da yawa za ka ga layi biyu a ƙasan rasit bayan kuɗin abincin da ka ci. Ɗaya harajin VAT ne, kashi 7.5 cikin ɗari tun Fabrairun 2020, kuma na gwamnati ne. Ɗayan kuɗin hidima ne, wanda ma'aikata ke kira sabis caji, galibi kashi 10 cikin ɗari. Akwai kuma tukwicin da kwastoma ke bayarwa don kansa in hidima ta yi masa daɗi. Waɗannan biyu na ƙarshe su ne ake sa ran su isa aljihun ma'aikata. To amma wa zai samu nawa? Yarinyar da ta ajiye maka farantin ita kaɗai ka gani. Ba ka ga kuku ba, ba ka ga yaron da ya wuni hannunsa cikin ruwan sabulu ba.

Hanyar da aka fi bi ita ce a tara kuɗin wuri guda, a ba kowane muƙami maki gwargwadon nauyinsa, a raba bisa makin. Maki ba shi da tsayayyen farashi. Watan da aka yi ciniki yakan yi tsada, watan da kasuwa ta mutu yakan faɗi, shi ya sa sai an yi lissafinsa sabo kowane ƙarshen wata.

Mu ƙaddara wani gidan abinci mai ma'aikata 11 ya yi cinikin naira miliyan 6 a wata, ban da haraji. Kuɗin hidima ya kama naira 600,000. An yi yarjejeniya tun farko cewa za a cire kashi 10 cikin ɗari na wannan kuɗi don maye kofuna da farantan da suka fashe, wato 60,000. Abin rabo ya zama 540,000.

Shugaban masu kai abinci yana da maki 10, babban kuku ma 10. Masu kai abinci huɗu ne, kowa maki 8. Mataimakan kuku biyu, kowa 6. Masu wanke-wanke da shara uku, kowa 4. Jimilla maki 76. Da a ce kowa ya zo aiki kullum, da sai a raba kuɗin gida 76 a huta. Amma a kwanaki 25 na aikin watan, ɗaya daga masu kai abinci kwana 15 kawai ta yi, wani mai wanke-wanke kuma ya yi 20.

Saboda haka sai a ninka makin kowa da kwanakin da ya yi. Mai kai abincin da bai yi fashi ba, 8 sau 25, ya tara 200. Wadda ta yi kwana 15 ta tara 120. Shugaba da babban kuku 250 kowannensu, mataimakan kuku 150, masu wanke-wanke 100, mai kwana 20 kuwa 80. In ka haɗa na mutum 11 ɗin duka za ka samu 1,800. Raba 540,000 gida 1,800, sai ya ba ka naira 300. Wannan shi ne farashin maki ɗaya na yini ɗaya a wannan watan, kuma da shi kowa zai iya fitar da rabonsa a wayarsa: mai 200 ya karɓi 60,000, mai 120 ta karɓi 36,000, babban kuku 75,000, mai 80 kuma 24,000. Tara rabon kowa, dole ya dawo 540,000 cif.

Wannan "dole" ɗin ita ce gaba ɗaya maganar, domin akwai wani lissafi da ya yi kama da wannan amma yana barin kuɗi a aljihun tebur. Akawu zai fara raba 540,000 gida 76, maki ɗaya ya kama kusan naira 7,105, sa'annan ya zaftare wa masu fashi kuɗin kwanakin da ba su zo ba. A ido babu laifi. Sai dai mai kai abincin da ya cika kwanakinsa zai tashi da kusan 56,800 maimakon 60,000, kuma kimanin naira 28,400 da aka zaftare ba ta shiga rabon kowa ba. Alhali ranar da waccan ba ta zo ba, abokan aikinta ne suka ɗauki teburanta, kwastomomi kuma sun biya kuɗin hidimarsu bai ragu ba. Kuɗin na waɗanda suka yi aikin ne. Ba lallai mugunta ce ke kawo wannan ba, wani lokacin haka aka gaji takardar lissafin; amma wata goma sha biyu na irin wannan ragowa ba ƙaramin kuɗi ba ne.

Hanya ta biyu da rabo ke ƙanƙancewa ita ce ƙarin suna. A ce an saka manaja cikin jerin da maki 20. Ya kawo 500, jimilla ta koma 2,300, farashin maki ya faɗo ƙasa da naira 235. Mai kai abinci ya koma kusan 47,000. Ba wanda ya taɓa makinsa guda 8, amma ya yi asarar 13,000. Don haka sanin makinka kaɗai bai isa ba, sai ka san jimillar na kowa. Wasu ƙasashe sun sa doka a nan. A Amurka, tun 2018 an hana manajoji da masu sa ido cin wani abu daga tukwicin ma'aikata. A Birtaniya, daga 1 ga Oktoban 2024, wajibi ne mai gida ya miƙa wa ma'aikata tukwici da kuɗin hidima gaba ɗaya, ban da haraji, kafin ƙarshen watan da ke biye, kuma ya rubuta tsarin rabon. Ko cirewar kuɗin fashe-fashe irin ta misalinmu ba za ta halatta a can ba. A wurinmu, abin da aka rubuta a takardar ɗaukar aiki ko yarjejeniyar ƙungiyar ma'aikatan otel shi ne ma'aikaci zai fi riƙewa.

Shi kansa tsara makin, lissafi ba ya yanke shi. A ganina in tazarar na sama da na ƙasa ta wuce ninki uku, an fara maimaita bambancin albashi ne a cikin kuɗin da ba albashi ba. Kuma inda wani ke yin awa shida wani goma sha biyu, da awa ya kamata a ninka, ba da kwana ba. Sai batun tiransifa: kwastoma ya tura dubu biyu kai tsaye asusun mai kai abinci, na shi ne ko na tarayya? Kowace amsa za ta iya tafiya, muddin an faɗe ta kafin kuɗin ya shigo, ba bayan an ji ƙarar saƙo a wayar wani ba.

Idan kana cikin masu karɓar wannan kuɗi, ƙarshen wata ka nemi a nuna maka adadin da aka tara, abin da aka cire da dalilinsa, da jimillar makin kowa bayan an ninka da kwanaki. Mai gida kuma ya manna takardar a bangon kicin, wakilin ma'aikata ya sa hannu kafin a biya.