Dogon Hannu: Yabo a Can, Zagi a Nan

Ka ce wa Bahaushe yaronsa yana da dogon hannu, ka ga yadda fuskarsa za ta canza. Ka kira ɗansa ɓarawo ke nan, sai dai ka sakaya. A tsohon Larabci kuwa, tsawon hannu yakan zama yabo: mutum ne mai kyauta, wanda alherinsa ke kaiwa nesa.

Wannan saɓani yana jiran duk mai fassara wani sanannen hadisi da Imam Muslim ya ruwaito daga Nana A'isha. Annabi (SAW) ya shaida wa matansa cewa wadda ta fi su tsawon hannu ita za ta fara riskarsa bayan wafatinsa. Sai suka riƙa gwada hannuwansu. Da Nana Zainab 'yar Jahshi ta riga su rasuwa, a shekara ta 20 bayan hijira, sannan suka gane sadaka ake nufi, domin ita mai sana'ar hannu ce, abin da ta samu kuma sai ta bayar.

To, yaya za a faɗi wannan da Hausa? In mai fassara ya bi kalma da kalma ya ce "mai dogon hannu", bai ƙara ba bai rage ba, amma ya jefa wa Uwar Muminai kalmar da ake jifan ɓarayin kasuwa da ita. Mai sauraro ba zai jira bayani ba, kunnensa ya riga ya ji abin da ya saba ji.

In kuma ya tsallake zuwa ma'ana ya ce "wadda ta fi ku kyauta", ya tsira daga zagin, amma ya kashe labarin. Me zai sa mata su tsaya awon hannu in an ce musu kyauta? Armashin maganar yana cikin harshen damon da ke cikinta, wanda su kansu Larabawan da aka faɗa wa sai daga baya suka warware shi.

A ganina mafita ita ce a bar hannun, a sauya ginin jimlar. A ce "wadda hannunta ya fi tsawo". Sharrin yana manne ne da daskararriyar sigar nan ta "dogon hannu". Da zarar an warware ta, Bahaushe zai hango hannu na zahiri, kamar yadda matan suka hango, ya kuma jira ƙarshen labari tare da su. Inda aka tsinci furucin shi kaɗai, ana yabon wani attajiri misali, babu sauran dalilin riƙe tsawon, "mai hannun kyauta" ya wadatar.

Ana gane ko an dace ta hanyar karanta wa wanda bai san Larabci ba, a tambaye shi halin matar da ake magana a kanta. In ya yi murmushin tsiya kafin ya amsa, a koma a sake jimlar.