Hoton Allo da Daren Ƙarfe Biyu

Ƙarfe biyu na dare, a ɗakin kwanan ɗalibai mai gado huɗu, kowa ya yi barci sai ita. An ɗauke wuta tun bayan isha'i, don haka hasken waya kawai take da shi, ta lulluɓa da zane don kada ta tashi ta gadon sama.

Da rana ta ɗauki hoton allo kafin malam ya goge: akwati mai nauyin kilo 10 a kan gangare mai kusurwa 30, ana tambayar ƙarfin da ke jan sa ƙasa. Malam ya rubuta mg sin 30. Ita kuwa cos take sawa, amsa na ba ta wajen 87, ta allo 50. Sau uku tana maimaitawa.

Sai ta jingina littafinta da matashi, ta ɗora ƙwayar sabulu a kai. Da littafin yake kwance, sabulun bai motsa ba. Tana ɗaga gefe, ya fara zamewa, ƙara ɗagawa ƙara gudu. Nan ta tsaya cak. Idan kusurwa sifili ce, ja ya zama sifili, kuma sin ne ke ba da sifili a nan, cos ɗaya yake bayarwa. Ashe cos na ƙarfin da ke danna akwatin jikin gangaren ne. Goma sau goma, ɗari, rabinsa 50.

"Kai!" ya kuɓuce mata.

"Baiwar Allah, ki bar mu mu yi barci mana," in ji ta gadon sama.

Sabulun ya gangara ƙarƙashin gado, ta bar shi sai da safe.