Ciwon Ciki a Doki da Jaki: Yadda Ake Gane Mai Tsanani da Lokacin Da Ake Buƙatar Tiyata

Mai doki yakan firgita idan ya shiga barga ya tarar da ingarmansa yana tonon ƙasa da ƙafar gaba, yana waiwayen kwiɓinsa, yana kwanciya yana tashi. Mai jaki kuwa sau da yawa ba ya firgita ko kaɗan, domin jakinsa yana tsaye ne shiru, kai a sunkuye, kamar gajiya ce kawai ta kama shi. Mai yiwuwa ne jakin ya fi dokin kusa da mutuwa.

Ciwon ciki a waɗannan dabbobi alama ce ta matsaloli daban-daban. Wani iska ce ta taru a hanji, wani hanjin ne ke murɗa na ɗan lokaci, wani kuma busasshen abinci ne ko yashi ko leda ya toshe hanya. Mafi muni shi ne wanda hanji ya karkaɗe ko ya maƙale, jini ya daina isa gare shi. Mafi yawan dawakan da suka kamu, kusan tara cikin goma, suna warkewa da magani ba tare da an tsaga su ba. Aikin mai dabba da likitansa shi ne su gano ɗayan nan da ya rage tun da wuri, domin hanjin da jini ya yanke masa yana fara mutuwa cikin 'yan sa'o'i.

Abin da ya sa lamarin ya fi haɗari a doki da jaki shi ne ba sa iya yin amai. Tumbin doki ƙarami ne, yana ɗaukar lita 8 zuwa 15 kacal, ƙofarsa ta sama kuma ba ta barin abin da ya shiga ya dawo. Idan ƙaramin hanji ya toshe, ruwa yakan koma baya ya cika tumbin har ya fashe, kuma babu dabbar da ke tashi daga wannan.

Birgima da harbin ciki suna nuna akwai zafi, amma ba su ne ma'auni mafi aminci ba. Dokin da iska ta kumbura yana iya yin birgima kamar zai mutu, ya saki iskar, bayan sa'a guda ya nemi harawa. Ma'aunin da ya fi faɗin gaskiya shi ne bugun zuciya. Ana jin sa a jijiyar da ta ratsa ƙarƙashin muƙamuƙi, ko kuma a ɗora tafin hannu a ƙirji, bayan gwiwar ƙafar gaba ta hagu. A ƙirga na daƙiƙa 15, a ninka sau huɗu. Lafiyayyen doki da ke hutawa yana bugawa sau 28 zuwa 44 a minti ɗaya, na jaki kuma ya ɗan ɗara haka, yakan kai 50 ba tare da wata matsala ba. Bugun da ya haura 60 ya ƙi sauka abin tsoro ne. Idan ya kai 80, ran dabbar na cikin haɗari.

Ma'auni na biyu dasashi ne. A ɗaga leɓen sama a duba. Lafiyayyen dasashi yana da danshi, launinsa ja-ja ne mai haske. Idan aka danna shi da yatsa aka saki, farin da ya bayyana zai ɓace cikin daƙiƙa biyu. Dasashin da ya bushe yana nuna ƙarancin ruwa a jiki. Wanda ya yi ja wur, ko ya koma shuɗi-shuɗi, ko aka ga layi mai duhu a gefen haƙora, yana nuna guba daga hanji ta fara shiga jini. Bayan haka sai a kara kunne a kwiɓi, dama da hagu. Cikin lafiyayyen doki ba ya rabuwa da ƙugi. Cikin da ya yi tsit na minti biyu ko uku ya fi mai yawan ƙugi ban tsoro.

A ɗauki misalin ingarma mai nauyin kilo 350 da aka ƙara wa dawa da dusa saboda shirin hawan Sallah, a lokacin hunturu da dawakai ke rage shan ruwa. Da ƙarfe 6 na safe mai kula da shi ya ga bai cinye abincin dare ba, kashinsa kuma ɗan kaɗan ne, busasshe, mai tauri. Yana tonon ƙasa jifa-jifa, yana miƙe jiki kamar zai yi fitsari. Bugun zuciyarsa 48 ne, dasashinsa ya ɗan bushe amma launinsa bai sauya ba, cikinsa na ƙugi sama-sama. Wannan hoton toshewar babban hanji ne, wadda ta fi faruwa a wata kwana da hanjin ke tsukewa kusa da ƙugu.

Da likita ya iso da ƙarfe 8, sai ya zura siririn tiyo ta hanci har tumbi. Babu ruwan da ya dawo, saboda haka ya samu damar zuba masa kimanin lita huɗu na ruwa mai gishirin jiki ta wannan tiyo. Ya sa hannu ta dubura ya taɓo dunƙulen abincin da ya daskare. Ya yi masa allurar fuluniksin a jijiya, miligiram 1.1 ga kowane kilo na nauyinsa. Cikin rabin sa'a dokin ya natsu, bugun ya sauka zuwa 40. Ana maimaita ba shi ruwa, ba a ba shi abinci, kuma cikin kwana ɗaya ko biyu kashi mai laushi zai fara fita. Wannan doki ba ya buƙatar wuƙa.

Yanzu a sauya abu uku a labarin. Da aka zura tiyo, ruwa mai tsami ya kwararo har lita shida. Ruwan da ya wuce lita biyu ya riga ya zama alamar cewa hanya ta toshe a gaba. Da aka yi allurar, zafin ya lafa na minti 40 kawai, dokin ya koma faɗuwa yana gumi. Da ƙarfe 10 bugunsa ya kai 68, dasashi ya fara yin ja. Waɗannan uku, wato ruwa mai yawa daga tumbi, zafin da ya fi ƙarfin magani ko ya dawo da sauri, da bugun da ke hawa, su ne manyan dalilan da ke sa likita ya ce a tafi tiyata. Idan ya taɓo ƙaramin hanji ya kumbura kamar tiyon keke, ko ya zuƙo ruwan cikin ciki da allura ya ga ya koma ja maimakon ruwan ɗorawa mai haske, to magana ta ƙare. Jira har gobe a nan kuskure ne.

Akwai wata yaudara da ta kashe dawakai da yawa. Dokin da ya sha wahala na sa'o'i sai ya natsu farat ɗaya, masu shi su ce an samu sauƙi. Idan natsuwar ta zo tare da gumi mai sanyi, rawar jiki da bugun da ya haura 80, galibi tumbi ne ko hanji ya fashe.

Tiyatar ciki a doki tana buƙatar ɗakin aiki, kayan sa barci da ma'aikatan da za su kula da shi kwanaki bayan aikin, kuma tana cin kuɗi sosai. Asibitocin koyarwa na dabbobi, irin na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ko na Jami'ar Ibadan, su ne wuraren da ya dace likita ya fara tuntuɓa, kuma ya kira kafin a ɗora dabbar a mota. Ya kamata a zuƙe ruwan tumbi kafin a kama hanya. Inda tiyata ba za ta yiwu ba kuma alamu sun nuna hanji ya mutu, hutar da dabbar ya fi barin ta tana shure-shure har ta cika.

Jaki yana da nasa hukunci. Ba kasafai yake birgima ba. Yakan ware daga 'yan'uwansa, kunnuwansa su faɗi gefe, ya sa baki a abinci yana motsa leɓe ba tare da ya haɗiye komai ba. Jakin da ya yi shiru ya daina ci, a ɗauke shi tamkar dokin da ke birgima. Jakunan da ke kiwo a bola suna haɗiyar leda da igiya, tsofaffi kuma da haƙoransu suka lalace suna haɗiye kara ba tare da sun tauna shi sosai ba. Sannan jaki ba ya jure yunwa kamar doki. Idan ya daɗe bai ci ba, kitsen jikinsa yakan narke ya cika jini, ya lalata hanta, musamman ga jaka mai ciki ko mai shayarwa ko mai ƙiba. Don haka ba a hana jaki abinci na tsawon lokaci sai da umarnin likita.

Kafin likita ya iso, taimakon da ba ya cutarwa kaɗan ne. A kwashe hatsi da harawa daga gabansa, a bar masa ruwa mai tsabta idan zafin ba mai tsanani ba ne. A kai shi fili mai laushi, nesa da turke da bango. A zagaya da shi a hankali na minti 10 zuwa 15 idan yana son tafiya, a bar shi ya huta. Dabbar da ta kwanta shiru a ƙyale ta, domin bugun ta da bulala don ta tashi yana ƙara mata gajiya ne kawai. A riƙa ƙirga bugun zuciya duk bayan minti 15 ana rubutawa tare da lokaci, a kuma lura da yaushe ta yi kashi na ƙarshe. Wanda ke zargin yashi zai iya dama kashin da bai taɓa ƙasa ba a cikin leda mai ruwa ya rataye ta, yashin zai kwanta a ƙasa. Rashin ganin yashin ba ya nufin babu shi a hanji.

Ɗura ita ce babban haɗari. Ɗaga kan doki a zuba masa man gyaɗa, manja, ruwan kanwa ko jiƙo ta baki ko ta hanci yana iya aika ruwan cikin huhu, kuma mai a huhu yana kawo ciwon da ke kisa ko da cikin ya warke. Idan tumbin ya riga ya cika, ɗurar ce za ta ƙarasa fasa shi. Haka nan miƙewar da dabbar ke yi kamar mai jin fitsari tana sa wasu su ɗauka fitsari ne ya riƙe ta, su yi mata allurar sa fitsari. Wannan yana ƙara tsotse ruwan jikin dabbar da ruwa ya riga ya yi mata ƙaranci.

Allurar kashe zafi ma tana da sharaɗi. Fuluniksin yana da ƙarfin da zai ɓoye alamun hanjin da ke mutuwa na sa'o'i, saboda haka a ƙirga bugun zuciya a duba dasashi kafin a yi ta, kuma kada a maimaita kafin sa'a 12 ta cika. Yin ta a tsoka yana iya haifar da mummunan ruɓewar nama, haɗa ta da wani maganin zafi irin ta kuma yana lalata ƙoda. Idan an riga an yi wa dabbar wata allura kafin likita ya zo, a faɗa masa sunanta, yawanta da lokacin da aka yi ta, domin da wannan ne zai auna ko natsuwar da yake gani ta magani ce ko ta sauƙi.