Ko Ka Sani? Injin Kirifto da Ke Ƙara Maka Farashi Kana Cikin Saye

Ko ka san cewa a kasuwar Uniswap babu ɗan Adam ko ɗaya da ke zaune yana sayar maka da koyin? Inji ne, wanda Hayden Adams ya ƙaddamar a kan Ethereum a Nuwamban 2018, kuma tushen aikinsa lissafi ne guda: `x * y = k`. Akwai rumbu mai ɗauke da kaya iri biyu, misali dala a gefe ɗaya, koyin a ɗaya gefen. In aka ninka yawan wannan da yawan wancan, dole amsar ta zauna yadda take. Don haka duk koyin da ka ciro, na bayansa ya fi shi tsada.

A ce rumbun wani ƙaramin koyin yana da USDT 20,000 da koyin miliyan 2, wato kowane ɗaya santi guda. Ka zo da dala 1,000 kana sa ran koyin 100,000. Injin zai fara cire la'adarsa ta kashi 0.3 cikin ɗari, dala 3 ke nan. Da ragowar 997 zai miƙo maka koyin 94,966 kacal. Sama da dubu biyar sun tafi ba tare da kowa ya taɓa su ba, kuma mafi yawansu zamewar farashi ce ta cinye.

Abin da ya fi ƙayatar da ni shi ne abin da ke biyo baya. Sayen naka kaɗai ya ɗaga farashin da kashi 10 cikin ɗari, saboda haka walet ɗinka zai nuna maka kana da kusan dala 1,047. Ka yi hasara, allo kuma yana yi maka albishir da ribar dala 47! Danna sayarwa nan take, dala 994 za ta dawo hannunka, domin yadda ka tura farashin sama haka za ka janyo shi ƙasa. Wannan ma da sauƙi. Sau da yawa kafin ka waiwayo masu riƙe da koyin ɗin sun ga ya tashi, sun zuba nasu, sun mayar da shi santi guda. In ka sayar a wannan lokaci, dala 904 za ka karɓa. Farashi yana nan inda ka same shi, amma dala 96 ta salwanta, ban da kuɗin gas na shiga da na fita. Kafin ka maido uwar kuɗinka sai koyin ɗin ya tashi da wajen kashi 11.

A manhajojin da ake jera tayin masu saye da na masu sayarwa, cutar tana zuwa ta wata ƙofa. Duk wanda ya taɓa canji a Wapa ya san farashin da ɗan canji ke karɓar dala daban ne da wanda yake sayar da ita. A Bitcoin wannan rata ba ta kai a kula da ita ba, amma a koyin da ba kowa ke waiwaya ba tana iya kai kashi 3 ko 4. Mutum ya ga cajin Binance na kashi 0.1 ya ce da arha, alhali ratar ta ninka cajin sau talatin.

Wasu koyin ɗin har haraji aka dasa a jikinsu. SafeMoon, da ya yi tashe a 2021, kashi 10 yake yanka a ciniki a lokacin. Irin waɗannan ne ke tilasta wa mutum ya buɗe saitin `Slippage tolerance` ya kai shi 12 ko 15 don cinikin ya wuce, kuma a nan 'yan kwanton ɓauna ke jira. Akwai manhajoji masu sarrafa kansu da ke leƙen cinikin da bai kammala ba. Su riga ka saye, farashi ya hau, naka ya shiga da tsada, su sayar a bayanka cikin daƙiƙu. Wanda ake kira `jaredfromsubway.eth` ya yi ƙaurin suna da wannan sana'a a 2023. Iyakar da ka yarda farashi ya zame, ita ce iyakar da za su iya tatsar ka.

Ana iya hango ɓarnar kafin a shiga. Adadin `Liquidity` da ake nunawa yawanci jimillar gefe biyun ne, to raba shi biyu, ka auna kuɗinka da rabin. Dala 1,000 a kan 20,000 kashi 5 ne, kuma kusan abin da za ka rasa a shiga ke nan, ka sake rasa irinsa a fita in farashi ya koma inda yake. A ganina, cinikin da ya haura kashi 1 na wannan rabin ya yi wa rumbun girma. Kafin ka danna, duba `Price impact` da `Minimum received`, sannan ka juya akalar manhajar ka ga nawa za ta ba ka in yanzu za ka sayar.