Kuɗin sun tafi ko suna jiran sa hannu? Karanta allon bankin Japan

A ce ɗan kasuwa a Kano yana da wakili a Nagoya da ke sayo masa motoci. Ran Juma'a, 17 ga Oktoba 2025, wakilin ya turo hoton allon wayarsa: yen 480,000, alamar kore a sama, ga rubutun Japananci babba, 受付完了. Ya ce, "Alhaji, an biya." Shi kuwa mai motar ya dage bai ga ko sisi ba. Abin lura shi ne, mai yiwuwa duk cikinsu babu maƙaryaci.

Tura kuɗi daga asusu zuwa asusu a Japan sunansa 振込, ana furta shi furikomi. Kalmar 完了, wato kanryo, tana nufin an kammala, kuma a nan mutane ke yaudaruwa, domin ba ta faɗin abin da aka kammala sai an duba abin da ya gabace ta. In 振込完了 ne, turawar ce ta kammalu. In kuwa 受付完了 ne, karɓar buƙata kawai aka gama: banki ya ji, ya rubuta, ya ba da lamba a layin 受付番号. Tamkar mutum ne ya yanki tikiti a tasha alhali mota ba ta tashi ba. Wasu bankunan ma sukan nuna wannan rubutu ko da kuɗin za su fita nan take, saboda haka shi kaɗai ba ya yanke hukunci.

To, sai a gangara ƙasa a nemi layin matsayi, wanda aka fi rubutawa 状態 ko ステータス. Ko mutum bai iya Japananci ba, ƙarshen kalma zai taimake shi. Duk abin da ya ƙare da 待ち jira yake yi, wanda ya ƙare da 済 ko 済み an riga an yi shi, 処理中 kuma yana nufin ana kan aiki.

A hoton wakilin nan, layin ya nuna 承認待ち, wato ana jiran amincewa. An fi ganin wannan a asusun kamfani, inda aka raba aikin gida biyu don hana ha'inci: ma'aikaci ya shigar da bayanan biya, shugabansa ya shiga da nasa izinin ya amince. Kafin ya amince, ko yen ɗaya bai motsa ba. Wasu kamfanonin mutum biyu ne ke amincewa, sai a ga 一次承認待ち a matakin farko, 最終承認待ち a na ƙarshe. Amincewar tana da wa'adi, 承認期限, in ya wuce sai an sake buƙatar. Shugaban yana iya mayar da ita a gyara, a rubuta 差戻し. A ganina, duk wanda ya saki kaya a kan hoton da ke ɗauke da 待ち bashi ya bayar, ko bai sani ba.

Mu ɗauka shugaban ya amince da yamma, matsayi ya koma 承認済. Har yanzu da saura, sai an duba ranar da aka tsayar, 振込指定日. Japanawa da shekara suke farawa, sai wata, sai rana, don haka 2025/10/20 Litinin ce, 20 ga Oktoba. Ke nan turawar ajiye take, 予約, kuma galibi ana iya soke ta kafin ranar, ko ta faɗi in kuɗin asusun ba su kai ba. Tsarin Zengin, wanda ke haɗa bankunan Japan tun 1973, a da yana aiki ne ranakun aiki daga 8:30 na safe zuwa 3:30 na yamma. Tun Oktoban 2018 aka ƙara masa sashen da ke aiki dare da rana, amma ba kowane banki ko asusu ke karɓa a kowane lokaci ba. Shi ya sa har yau ake ganin 翌営業日, ranar aiki ta gaba. A tuna Japan tana gaban Najeriya da Nijar da awa 8: ƙarfe 9 na safe a Kano, 5 na yamma ne a can.

Abin da ya kamata Alhaji ya nema shi ne sabon hoto ran Litinin daga shafin shige da ficen kuɗi, 入出金明細, mai nuna 480,000 a ɓangaren 出金, da sunan wanda aka biya. Ya kwatanta sunan harafi da harafi, domin in suna ko lambar asusu ba su dace ba, kuɗin kan dawo. Wasu bankunan kuma sukan cire kuɗin tun lokacin karɓar buƙata, don haka sai mai motar ya ga 入金 a nasa asusun sannan a ce ciniki ya faɗa.