TASWIRAR TUNANI: YADDA MAI SHIRIN JARRABAWA ZAI TARA DARUSSANSA A TAKARDA GUDA

Galibin masu shirin jarrabawa, ko malaman makaranta ne masu neman ƙarin takardar shaida, ko akawunan ofis masu neman ƙarin girma, hanya ɗaya su ke bi wajen bita. Mutum ya ɗauki littafin da ya rubuta darussa, ya fara daga shafin farko ya bi har ƙarshe, sa'an nan ya sake komowa. Aibin wannan hanya shi ne ba ta nuna wa mutum inda ya ke da rauni, gama duk abin da ido ya saba gani sai zuciya ta ɗauka ta san shi. Akwai wata dabara da ke tona wannan rauni tun da sauran lokaci, ana ce da ita taswirar tunani. Wani Bature mutumin Ingila, Tony Buzan, shi ya yayata ta a shekarar 1974, ko da ya ke zana ilmi kamar bishiya mai rassa tsohon abu ne ƙwarai.

Siffarta ba wuya. A sami farar takarda babba marar layi, a kwantar da ita ta faɗinta, domin rassan su sami wurin miƙewa dama da hagu. A rubuta sunan fannin a tsakiya, a kewaye shi. Daga nan a ja manyan rassa masu kauri, kowane reshe da sunansa a bisa layin, sa'an nan kowane babban reshe ya fid da ƙananan rassa. A fara da fensir, gama taswirar farko ba ta taɓa fita daidai. Amma kada a taɓa babbar takardar tukuna sai an ɗauki manhajar jarrabawa da takardun tambayoyin shekarun baya, an jera dukan kanun darussa a wata 'yar takarda dabam. Wanda ya zana taswira daga abin da ke kansa kaɗai, abin da ya riga ya sani zai zana, abin da bai sani ba kuwa ba zai sami ko gurbi ba.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi daki daki. A ce mutum zai zauna jarrabawar tarihin Nijeriya daga 1900 zuwa 1960. Ya rubuta wannan a tsakiya, ya ja rassa huɗu: Cin Ƙasa, Mulki, Arziki, Ilmi. A ƙarƙashin Cin Ƙasa ya sa abu biyar, watau Lokoja 1900, yaƙin Aro, Kano da Sakkwato 1903, Burmi, da Satiru 1906. A ƙarƙashin Arziki ya sa shida: reluwe, gyaɗa, auduga, koko, kuza, kwal. Duka wannan lafiya lau. Da ya zo kan Mulki sai abu ya yi ta fitowa har goma sha uku: haɗa Kudu da Arewa, mulki ta hannun sarakuna, En'e, Baitulmali, kotunan alƙalai, haraji, tsarin Clifford, na Richards, na Macpherson, na Lyttelton, jam'iyyu, mulkin kai na jihohi, da ranar 'yanci. Ilmi kuwa abu biyu tak ya samu, makarantar Ɗan Hausa ta Nasarawa a Kano, da Kwalejin Katsina.

To, kowa ya dubi wannan takarda zai ga ta karkace, gefe guda ya cunkushe har rubutu na hawa kan rubutu, gefe guda kuwa fili fetal. Waɗansu su kan ɗauka wannan maganar kyaun zane ce kawai. A ganinmu nan ne duk amfanin dabarar ya ke, gama kowace karkata tana da abin da ta ke faɗa.

Reshen da ya yi nauyi fiye da kima, kusan kullum ba reshe ɗaya ba ne, rassa biyu ne ko uku aka ɗaure da igiya guda. Dubi goma sha ukun nan da kyau. Sarakuna, En'e, Baitulmali, alƙalai da haraji duk maganar yadda a ke tafiyad da ƙasa ce yau da gobe, sai su koma reshe guda mai suna En'e. Haɗewar 1914 da tsare-tsaren nan huɗu na 1922, 1946, 1951 da 1954 maganar dokar da ta kafa gwamnati ce, sai su zama reshe mai suna Tsarin Mulki. Sauran ukun, jam'iyyu da mulkin kai da ranar 1 ga Oktoba 1960, su zama reshen 'Yanci. Yanzu manyan rassa sun zama shida, ba wanda ya ɗauki fiye da abu shida. Dalilin wannan iyaka sananne ne. Tun 1956 wani masani Ba'amirke, George Miller, ya rubuta cewa abin da mutum ke iya riƙewa a ka a lokaci guda bai wuce kamar bakwai ba, masanan da suka biyo bayansa ma sun ce ya fi kusa da huɗu. Saboda haka mu ke ba da shawara manyan rassa su tsaya tsakanin huɗu da bakwai, ƙanana kuma daga uku zuwa shida a kowane reshe. Mutum a ɗakin jarrabawa ba zai iya jero abu goma sha uku ba tare da ya zubad da waɗansu ba, amma ƙungiya uku, ta biyar da ta biyar da ta uku, wannan mai yiwuwa ne.

Reshen da ya rame kuwa maganarsa ta fi nauyi, gama ɗayan abu biyu ne, kuma tilas a gane wanne ne. Ko dai batun ƙarami ne da ma, ko kuwa mai karatun ne bai san shi ba. Manhaja da tambayoyin baya su ne alƙalai. Kadan aka duba tambayoyin shekara biyar aka ga ba a tambayi ilmi ba sai jefi jefi, manhaja kuma layi guda ta ba shi, to, sai a sauke shi daga babban reshe a liƙa shi jikin wani. Amma kadan aka ga ana tambayarsa kusan kowace shekara, to, filin nan da ke takarda fili ne da ke cikin kan mai karatu. A misalinmu haka abin ya ke: mutumin ya rubuta abin da ya sani na Arewa, ya manta da makarantun mishan na Kudu, da Kwalejin Yaba, da Kwalejin Jami'a ta Ibadan wadda aka buɗe a 1948. Wannan reshe shi zai fara ba dararen karatunsa, ba reshen En'e ba wanda ya ke aiki cikinsa kullum, ya ke kuma jin daɗin maimaita shi.

Sai dai a yi hattara da daidaitawar ƙarya. Mun sha ganin ɗalibai suna ƙirƙiro ƙananan rassa marasa amfani don kawai kowane reshe ya cika biyar, ko su yanke abin da manhaja ta nema don kada wani reshe ya fi wani tsawo. Ba a neman rassa su zama tagwaye. Reshe mai uku kusa da mai shida ba laifi; mai biyu kusa da mai goma sha uku shi ne abin tuhuma.

Sa'an nan maganar sunayen da a ke rubutawa bisa rassa. Ka'ida ita ce kalma ɗaya, in ta matsa biyu ko uku, ba jimla ba. Wannan ya kan yi wa akawu wuya, don ya saba da cikakken rubutu, sai ka ga ya rubuta bisa reshe cewa tsarin Richards na 1946 ya raba ƙasa jiha uku, Arewa da Gabas da Yamma. Maganar gaskiya ce, amma ta ɓata aikin ta hanya biyu. Ta cinye wurin da rassa uku za su zauna. Abin da ya fi wannan muni, ta ba da amsa tun ba a yi tambaya ba, mai bita sai ya karanta ya gyaɗa kai ya wuce. In kuwa ya rubuta Richards kawai, da ɗan reshe mai cewa 1946 da wani mai cewa jiha 3, to, duk sa'ad da idonsa ya faɗa wurin tilas ya ciro sauran bayanin daga kansa. Haka Clifford zai ɗauki 1922 da kujera 4, mai bita shi zai tuna cewa kujerun zaɓe ne, uku na Ikko, ɗaya na Kalaba. Lyttelton ya ɗauki 1954 da tarayya.

Gajarta ma tana da iyaka. Suna irin su Matsaloli, ko Sauransu, ko Muhimmanci gajeru ne, amma ba su kiran kome a zuciya, kuma reshen da aka sa wa Sauransu nan da nan ya kan zama juji. Gwajin suna mai kyau shi ne a aza yatsa a kansa bayan kwana uku, a ga ko za a iya yin magana ta minti ɗaya a kai ba tare da buɗe littafi ba. Kadan aka kasa, a duba: in an san batun amma sunan ne bai tuno da shi ba, a sake suna, in batun ne ba a sani ba, a sa masa jan ɗigo a koma littafi.

Akwai abu guda da jerin kanu ba ya iya yi, taswira na yi, watau haɗa rassan da ke nesa da juna. A ja layin ɗigo-ɗigo daga reluwe, wadda ta iso Kano a 1911, zuwa gyaɗa, daga gyaɗa kuma a tsallaka zuwa haraji a reshen En'e, gama kuɗin gyaɗa ne manomi ke biyan haraji da su, harajin nan kuwa shi ke cika Baitulmali. Tambayoyin da ke cewa a bayyana dalili bisa irin waɗannan layuka su ke zaune. Uku ko huɗu sun isa, in sun yi yawa takarda ta koma saƙar gizo.

Kada kuma a ɗora wa dabarar abin da ba ta iyawa. Ba ta koya wa mutum lissafi, wannan sai da yin aiki da hannu. Ba ta kuma maye gurbin gwada rubuta cikakkiyar amsa cikin lokacin da aka ƙayyade. Wani gwaji da Karpicke da Blunt suka buga a Amirka a 2011 ya nuna ɗaliban da suka rufe littafi suka rubuto abin da suka tuna sun fi waɗanda suka zana taswira littafi na buɗe riƙe darasi bayan mako guda. Saboda haka taswirar da aka gama a kife ta, a ɗauki farar takarda a sake zana ta da ka cikin minti goma, sa'an nan a buɗe ta asali a gwada, duk reshen da ya ɓace a cika shi da jan alƙalami. A yi haka washegari, a sake bayan kwana uku, a sake bayan mako guda, kowane karo a fara karatun daren daga inda jan alƙalami ya fi yawa.